Kaka da Kukan Rahila

Ranar da Kaka ya rasu, ba mu muka fara kuka ba. Iya, Bayarabiyar da muke haya a gidanta a Agege, ita ta fito tsakar gida ta ɗora hannu biyu a ka tana kiran "Baba Tisha, Baba Tisha," kamar in ta ƙara murya zai amsa. Mu kuwa muna zaune a bakin ƙofarsa shiru. Jinyar ta daɗe, ta shanye mana hawaye tun kafin ranar ta zo.

Alhaji mai goro, wanda suka tsufa tare da Kaka a kan benci ɗaya, ya shigo ya cire takalmi, ya daɗe yana kallon kujerar Kaka. Ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri. Yanzu kuma wa zai riƙa ce mini ban fahimta ba?" Ya yi 'yar dariya, ya share ido da hannun riga. Matan zumunta na majami'armu suka zo da zanensu iri ɗaya, suka yi waƙa a hankali. Can da yamma 'yan albasa na Mile 12 suka shigo a jere, warin kasuwa bai bar rigunansu ba. Suka gaida babana, suka gaida kowa. Da suka zo gaban Gwaggo sai suka tsaya suna kallon juna, ba su san da wace kalma za su fara ba.

Dole in faɗi dalili, don shi ne abin da ya cika shekarun Kaka na ƙarshe.

Gwaggo ita ce autar Kaka, ɗa ɗaya ta haifa. Taubashina ne, ya girme ni sosai, direban babbar mota ne mai ɗauko albasa daga arewa. Shi ya koya mini tsallaka titi a Oshodi, yana ce mini 'yar boko mai tafiya tana mafarki. Wata damina aka tarar da motarsa a gefen hanya, ƙofa a buɗe, albasa a cike, babu kowa a ciki. Muka jira waya daga waɗanda suka ɗauke shi. Ba a kira ba. Ba a ga gawa ba. Shekaru suka fara bin juna, Gwaggo kuwa ba ta taɓa yarda wani ya yi mata gaisuwar mutuwa ba. In ka ce mata "yaya haƙuri," sai ta dube ka ta ce, "Haƙurin me?" Rigarsa ta zuwa sujada, wata shuɗiya mai aikin zare a wuya, tana rataye a bayan ƙofarta. In ta yi ƙura ta wanke, ta goge, ta mayar.

Kaka malamin makarantar Littafi Mai Tsarki ne a arewa kafin ya yi ritaya ya biyo 'ya'yansa Legas. Yana saurayi an tura shi karatu Urushalima, inda ya koyi Ibrananci a wurin wani tsohon malamin Yahudawa. Ya dawo da wasu manyan littattafai da kuma ɗabi'ar amsa tambaya da tambaya, wadda ta gajiyar da mu duka. Ba ya cin tuwo sai ya huce. Yana kiran duk direban motar haya ta danfo "ranka ya daɗe," wai don su ne sarakunan garin nan. Ni kuwa Amarya yake ce mini, irin wasan kaka da jika.

"Amarya, zo ki ga gidan haya," ya ce mini wata rana ina 'yar sakandare. Ya buɗe ɗaya daga cikin littattafan. Ayar tana zaune a tsakiyar shafi da manyan haruffa, ƙananan rubuce-rubuce sun kewaye ta ta kowane gefe.

"Wannan tsakar gida ce," in ji shi. "Waɗannan ɗakunan 'yan haya ne. Wannan ya rayu a Faransa, wannan a Andalus, ɗaruruwan shekaru tsakaninsu, amma kullum suna leƙowa ta taga suna musu."

"To wa ya fi gaskiya?"

"Ke a gidan nan wa aka kora don ya yi musu da Iya?"

Haka yake. Kirista ne har ƙashinsa, bai taɓa fashin sujada ba sai da ƙafa ta ƙi. Amma yakan ce mutanen da suka riga mu riƙe littafi sun cancanci a ji ta bakinsu.

Rigimar da nake so in rubuta ta faru ne tsakaninsa da babban ɗansa, Baffa. Baffa fasto ne. Kafin a dawo da shi Legas ya yi aiki a ƙauyukan da aka sha kai wa hari, ya binne yara da hannunsa, har ya daina son jin waƙar yara a majami'a. Ba mai taurin zuciya ba ne. Mutum ne da ya ga abin da jira yake yi wa uwa, yana so ƙanwarsa ta huta.

A makon Kirsimeti na wata shekara ya yi wa'azi a kan wata aya ta annabi Irmiya. Ayar tana maganar wata murya da aka ji a Rama, Rahila matar Yakubu tana kuka saboda 'ya'yanta, ta ƙi a ta'azantar da ita domin ba su nan. Baffa ya karanta ta yadda Kirista suka saba, ta bakin Matiyu: lokacin da sarki Hirudus ya sa aka kashe jarirai maza na Baitalami yana neman Yesu, a nan maganar annabin ta cika. Kabarin Rahila yana kan hanyar Baitalami, don haka ita ce uwar dukan uwayen garin, kukansu nata ne. Ya ce yaran nan sun mutu ba su san don wa ba, amma Allah ya sani, ba su ɓace masa ba. Ya ce uwa ta yi kukanta, sannan ta miƙa ɗanta ga wanda ya ci nasara a kan mutuwa. Bai ambaci sunan kowa ba. Amma dukan majami'a ta juya ta dubi Gwaggo. Ta tashi ta fita.

Da muka dawo gida Kaka yana kan kujerarsa, abinci a gabansa yana hucewa.

"Fasto," ya ce. In ya kira ɗansa da wannan suna, to akwai magana. "Wa'azi ya yi kyau. Me ya sa ka tsaya inda ka tsaya?"

"Inda Matiyu ya tsaya na tsaya, Baba."

"Shi yana da dalili. Kai mene ne naka?"

Ya sa na ɗauko littafin. Ya ɗora yatsa a ƙasan ayar, ya ce Allah ya amsa wa matar nan a aya ta gaba. Ya ce mata ta daina kuka, wahalarta tana da lada, 'ya'yanta za su komo daga ƙasar maƙiyi zuwa iyakar ƙasarsu. Ya ce malaman Yahudawa ba sa raba kukan da amsar. A wurinsu 'ya'yan Rahila ba gawarwaki ba ne, kamammu ne. Rama kuwa wurin da aka tara mutane da sarƙa ne kafin a kora su Babila, Irmiya da kansa ya faɗa a gaba cikin littafin. Wasu malaman sun ce maganar ta shafi kabilun arewa, zuriyar Yusufu, waɗanda aka kwashe tun da farko. Wasu suka ce na Babila ne. Amma duka sun yarda cewa tafiya ce aka yi da mutane masu rai.

"Kuma suna tambaya," in ji Kaka, "me ya sa Yakubu ya binne matar da ya fi so a bakin hanya, bai kai ta kogon kakanninsa ba? Suka ce umarnin Allah ne. Don wata rana za a bi da jikokinta ta wannan hanya a ɗaure, sai ta tashi ta yi musu roƙo. Suna da labari cewa Ibrahim ya roƙa, Ishaku da Yakubu da Musa suka roƙa, ba a amsa ba, sai da ita ta yi magana. Ta tuna wa Allah daren da aka kai 'yar'uwarta ɗakin Yakubu a madadinta, ta yi shiru, har ta gaya mata alamun da suka shirya da shi don kada ta kunyata. Ta ce in ni, 'yar Adam, na iya wannan, kai fa? Wannan ne aikin da aka ce yana da lada. Har yau suna karanta wurin a idinsu na sabuwar shekara."

Baffa ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Baba, na san aya ta gaba. Mu ma ba mu yar da ita ba. Ƙasar maƙiyi ita ce mutuwa, komowa kuwa tashin matattu ne. Jaririn da aka gudu da shi Masar ya dawo, saboda shi sauran za su dawo. A cikin surar nan ne kuma aka yi alkawarin sabon alkawari, wanda muke tunawa duk ranar Jibin Ubangiji. Su suna jiran ƙasa. Mu muna jiran abin da ya fi ƙasa."

"Gaskiya ne. Ni na koya maka."

"To me ya sa kake ba Auta karatun da zai hana ta barci? Na ga mata sun bushe a tsaye suna jiran waya. Wannan ba tausayi ba ne, Baba."

Na ɗauka Kaka ya haƙura. Sai ya ce, "In Matiyu ya ce magana ta cika, ba ya nufin a da ba ta da komai a ciki. Tulu ne da aka taɓa zuba wa ruwa, aka sake cika shi har baki. Uwayen Baitalami sun ga jini, sun rungumi gawa. Su Matiyu ya rubuta wa, shi ya sa ya bar su da kukansu, bai ce musu yaranku suna hanya ba. Rahilar Irmiya kuwa hanya kawai ta gani. Ita ƙanwarka me ta gani?"

Baffa ya ɗauki hularsa ya tafi. Ya daɗe bai zo cin abinci gidanmu ba.

Ba zan ce Kaka ya yi wa Gwaggo alkawari ba. Na ji su wata safiya tana yanka masa farce. Ya gaya mata cewa Yakubu ma ya ƙi ta'aziyya lokacin da aka kawo masa rigar Yusufu da jini, kuma malaman sun ce dalili shi ne an ƙaddara wa zuciya ta sassauta a kan mamaci, amma ba a kan mai rai ba.

Gwaggo ta ɗago da sauri. "Ashe yana da rai ke nan, Baba."

"Ban ce ba, Auta. Ni ba annabi ba ne, tsohon tisha ne. Abin da na ce, ba ke kika fara ƙin gaisuwa ba, kuma Allah bai yi fushi da waɗanda suka riga ki ba."

Ta ci gaba da yankan farcen.

Da ciwo ya kwantar da shi, ya ce a binne shi a maƙabartar da ke gefen babban titi, kusa da kakarmu, kada a wahalar da kowa da kai gawa gida. "Ku ajiye ni inda motocin arewa suke wucewa," ya ce. "Ba na jin barci in babu hon." Wannan ba wanda ya yi musu a kai.

Musun ya zo da dattawan garinmu, waɗanda suka iso kwana kaɗan kafin jana'iza, ƙafafunsu a kumbure saboda zaman mota. A garinmu akwai al'ada: in mutum ya ɓace aka rasa gawarsa, ana jira har wani babba na gidan ya rasu, sai a sa rigar ɓataccen a cikin kabarin, a ce babban ya tafi da shi. Daga ranar ana yi wa uwarsa gaisuwa, a raba kayansa, a daina ajiye masa kwano. Dattawan suka ce ga dama ta zo, kuma babu wanda ya fi kakan yaro dacewa ya riƙe masa hannu. Baffa ne babba yanzu. Ya ce zai yi magana da Gwaggo.

Mun gaji, gaskiya. Babana ya gaji da zuwa ofisoshin 'yan sanda. Ni na gaji da faɗuwar gaba duk lokacin da baƙuwar lamba ta kira. A raina na so a sa rigar. Na so in yi kukan taubashina sau ɗaya, kuka mai ƙarshe.

Da safe, ana gobe jana'iza, Baffa yana zaune a kujerar Kaka yana shirya wa'azi. Ya sa na ɗauko masa babban littafin, ko da yake Ibranancinsa ya yi tsatsa. Yana bin shafin da yatsa sai Gwaggo ta shigo. Ba a kira ta ba. Rigar tana hannunta, a goge, a ninke. Ta ɗora masa a cinya.

"Yaya, ga ta. Ba zan yi faɗa da kai a kan gawar Baba ba."

"Auta, zauna."

"A'a. Abu ɗaya zan tambaye ka. Ka san ya mutu?"

"Shekarun nan duka, ba waya, ba..."

"Ban tambaye ka shekaru ba. Ka sani?"

Ya dubi rigar. Ya ce, "Ban sani ba."

"Ni ma ban sani ba. In ka sa ta, zan karɓi gaisuwa, don kai ne babba. Amma ka san cewa kai ka faɗa, ba ni ba."

Ta fita. Baffa ya zauna da riga a cinya da littafi a buɗe har shayinsa ya yi sanyi. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Tsohon nan, ko ya mutu ba zai bar mutum ya huta ba."

Washegari ya tafi maƙabarta da rigar a cikin leda, a hammatarsa. Kowa ya gani. Rana ta yi zafi, ƙarar tireloli tana cinye rabin waƙar matan zumunta. Alhaji da 'yan albasa suka tsaya daga nesa kaɗan, a inuwar katanga. Aka saukar da akwatin. Dattawan suka matso, babbansu ya miƙo hannu don karɓar ledar.

Baffa bai ba shi ba. Ya buɗe Littafi ya karanta ayar Rahila. Ya ce, "Akwai uwaye a nan da na binne wa 'ya'ya. Ku wannan aya taku ce kamar yadda Matiyu ya ba ku. Kun gani da idonku, ba wanda zai ce muku ku yi shiru, kuma za ku gan su a ranar tashi. Haka mahaifinmu ya gaskata, a kan haka muke ajiye shi yau." Ya tsaya, wata mota ta wuce. "Amma ya taɓa yi mini wata tambaya, na tafi ban amsa ba. Akwai uwar da hanya kawai ta gani. Ita annabi bai ba ta kabari ba."

Sai ya karanta ayoyi biyu na gaba, a hankali, har inda aka ce za su komo.

Babban dattijon ya ce, "Fasto, al'ada fa?"

"Baba, al'ada ta ce babban gida ne zai sa riga in ya tabbata. Ban tabbata ba. In na mutu ba a ji labari ba, ku sa ta a nawa."

Ya juyo ya miƙa mini ledar. "Kai wa gwaggonki."

Aka tura ƙasa. Dattawan ba su ji daɗi ba, ɗayansu bai ci abincinmu ba har ya koma. Ni ma da na rungumi ledar, nauyi na ji ya dawo mini, ba sauƙi ba. Na gane za mu koma gida mu ci gaba da jira, kuma babu Kaka a kujera da zai ce mana ba laifi ba ne.

Har yau da nake rubuta wannan ba a kira ba. Littattafan suna ɗakina, ba na iya karanta su, amma nakan buɗe in dubi 'yan hayan nan a ɗakunansu. Baffa yana zuwa cin abinci ranar Lahadi. Yana barin tuwo ya huce, bai san yana yi ba.

Kaka, Allah ya ba ka hutun da ka hana mu da tambayoyinka. Ka kwanta a bakin hanyarka. In ka ga motar albasa, ka duba mana.

Da muka dawo daga maƙabarta ranar, Gwaggo ta rataye rigar a bayan ƙofa, ta fito ta zauna a tabarma tare da mu. 'Yan albasa suka sake jeruwa a gabanta, suna ta murza huluna. Babbansu ya durƙusa ya ce, "Mama, yaya haƙuri?"

Gwaggo ta dube shi, idonta ya cika a karo na farko tun rasuwar.

Ta ce, "Haƙuri sai ma'aiki... a'a, yadda kuke faɗa ke nan. Mu cewa muke, da godiya." Ta share fuska da bakin zane. "Na karɓi gaisuwar, ɗana. Ta Baba ce. Ta Baba kaɗai."